Farashi Huɗu, Kaya Ɗaya: Yadda Mai Shago Zai Karanta Farashin Intanet

Mai shagon kayan waya a Sabon Birni ya san irin wannan kwastoman. Zai shigo ya tambayi kuɗin fawa bank, a ce masa dubu ashirin da uku, sai ya zaro waya ya nuna hoto: "Alhaji, ga shi nan a intanet dubu tara da ɗari takwas." Idan mai shagon bai san daga ina wannan lamba ta fito ba, ko dai ya karya farashi ya ci uwar kuɗi, ko kwastoma ya fita yana ganin an so a cuce shi.

Maganin da wasu matasa ke haɗa wa iyayen gidansu shi ne jadawalin bibiyar farashi. Maimakon a riƙa buɗe Jumia da Konga da Jiji ɗaya bayan ɗaya kullum, sai a sa manhaja ta shiga shafin kowane kaya ta kwaso lambar farashin ta zuba a wuri guda. Ba sai an iya rubuta manhaja ba. A Google Sheets, wanda ke buɗuwa ko a waya, ana liƙa adireshin shafin kayan a gidan A2, a rubuta wannan a B2:

```
=IMPORTXML(A2,"//span[@class='price']")
```

Kalmar da ke cikin ƙananan alamun zance sunan da masu shafin suka ba wa wurin farashi ne, kuma kowane kanti da nasa sunan, sai an leƙa an gani. Abin da zai fito rubutu ne mai alamar naira da waƙafi, wanda ba a lissafi da shi. Don haka a C2 ake wanke shi ya koma lamba zalla:

```
=VALUE(REGEXREPLACE(B2&"","[^0-9.]",""))
```

Wannan shi ne ɓangare mai sauƙi. Wahalar tana wajen yarda da abin da aka kwaso, domin manhaja ba ta san kaya ba, lamba kawai ta sani.

A ɗauka, a matsayin misali, mai shago yana son fawa bank guda goma mai ƙarfin 20,000mAh na kamfani ɗaya, kuma jadawalinsa ya kawo farashi huɗu daga kantuna huɗu: naira 18,500, da 21,000, da 9,800, da 39,000. Ido zai fara sauka a kan 9,800. To amma duk lambar da ta yi rabin 'yan'uwanta, ko ta ninka su, ba a murna da ita kuma ba a yar da ita sai an buɗe shafin da hannu. Da aka buɗe na 9,800, sai ga shi ƙanen wancan ne, mai 10,000mAh: suna ɗaya, kala ɗaya, hoto kusan ɗaya. Wannan ya fita daga gasar. Shi kuma na 39,000 da ake yi wa kallon mai tsadar banza, ashe guda biyu ne a kwali, wato kowane ɗaya 19,500. Shi ya sa ba a haɗa kaya da sunansu na talla. Lambar samfurin da ke jikin kwali ake bi, kuma a ware gida na musamman a jadawalin don rubuta guda nawa ne a ƙunshi.

Saura uku, kuma har yanzu ba a gama ba, don kayan da ke Legas ba su zo Gobir ba. A ce duka ukun a cikin garin Sakkwato za su sauke, daga nan direba ya kawo Sabon Birni a kan dubu shida. Kanti na farko: goma sun kama 185,000, kuɗin aikensa 14,000, da na direba, jimla 205,000, kowane ɗaya ya tsaya 20,500. Na biyu: 210,000 da aike 5,000 da direba, 221,000, wato 22,100. Mai kwali biyu-biyu ya yafe kuɗin aike: kwali biyar 195,000, da direba 201,000, kowane ɗaya 20,100. Wanda ya fi kowa tsada a allo shi ya fi araha a bakin shago. Kuɗin aike kuwa sau da yawa ba ya bayyana sai mutum ya zaɓi jiha da gari, don haka manhaja ba za ta gan shi ba. Da hannu ake cike shi, a riƙa sabunta shi duk lokacin da kuɗin mai ya motsa.

Akwai kurakuran da ke shigowa ba sallama. Shafi yakan nuna farashi biyu, tsohon da aka ja wa layi da sabon na rangwame, manhaja ta ɗauko tsohon. Wani shafin yakan rubuta "₦ 4,500 - ₦ 7,000" saboda kayan girma-girma ne, kuma dabarar wankewar da ke sama za ta manne su ta ba da 45007000, caja ta koma kuɗin gida. Irin wannan ko makaho ya gani. Wanda ya fi haɗari shi ne kayan da suka ƙare a kanti amma farashinsu na watan jiya yana nan zaune. Alamarsa ita ce lambar da ta ƙi motsi mako uku alhali sauran duk sun hau. Shi kuwa Jiji, ni ban cika son a jera shi sahu ɗaya da sauran ba. Dandalin talla ne, kowa na sa kayansa, sabo da na hannu, kuma farashin da ke rubuce sallama ce ta buɗe ciniki, ba kuɗin da aka biya ba.

Wata rana kuma gidan zai nuna #N/A kawai. Ko dai masu shafin sun sauya fasalinsa, ko farashin yana fitowa ne bayan shafin ya gama buɗuwa ta hanyar JavaScript, wanda IMPORTXML ba ya gani, ko kuma kantin ya toshe masu kwasa. Manyan kantuna suna yin haka, kuma suna da ƙa'idojinsu, har da fayil mai suna robots.txt da ke faɗin inda ba sa son manhaja ta shiga. Idan an toshe, ba abin kokawa ba ne. Mai kaya iri goma sha biyar zai iya duba na wannan kantin da idonsa sau biyu a mako ya rubuta.

Abu ɗaya da sabon shiga ke mantawa shi ne IMPORTXML ba ya ajiye tarihi. Farashin yau yana goge na jiya. Dole a riƙa kwafe lambobin zuwa wani shafi tare da kwanan wata. Kwanan watan nan ba ado ba ne a yankin da sabis ke zuwa yana tafiya. Mutanen Sabon Birni da Isa ba su manta 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya saboda matsalar tsaro. Jadawalin da ba a san ranar da aka cike shi ba zai iya sa a sayar da kaya a farashin da ya riga ya mutu.

A ganina, a nan ne ainihin amfaninsa yake, ba a wajen sari ba. Farashin kantunan intanet galibi na sayen ɗai-ɗai ne, kuma dilan da ke Farm Centre a Kano zai iya ba da wannan fawa bank ɗin ƙasa da duka ukun, shi ma sai a ba shi nasa layin a jadawalin. Abin da lambobin intanet ke yi shi ne nuna inda kasuwa ta dosa. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a Yunin 2023, masu kayan waje da dama sun sayar da tsohon kaya da riba a takarda, suka koma sari kuɗin bai isa ya cike kantar da aka kwashe ba. Idan farashi na tsakiya a kantuna uku ya tashi daga 19,500 zuwa 22,000 cikin mako biyu, mai shago ya san dilansa na Kano ma yana hanyar ƙarawa, sai ya gyara kuɗin guda shidan da suka rage masa kafin ya buga waya a ɗora masa wani kwalin.