Karanta Alƙaluman Ingancin Kira Domin Gano Dalilin Sarƙewar Kiran Bidiyo

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta tilasta rufe makarantu, koyarwa ta hanyar kiran bidiyo ta shiga cikin ayyukan malami. Sau da yawa ana tsakiyar darasi sai murya ta riƙa yankewa, ko hoton malami ya daskare, ko ɗalibi da malami su riƙa yi wa juna katsalandan ba da niyya ba. Abin da aka saba faɗa a nan shi ne sabis ba shi da kyau. Amma matsaloli uku ne daban-daban suke haddasa wannan sarƙewa, kuma kowace da nata maganin. Wannan darasi zai bayyana alƙaluma uku da manhajar kira take nunawa, da yadda malami zai karanta su ya gane inda matsala take. Za a yi amfani da manhajar Zoom a matsayin misali.

2.0 Yadda Murya Take Tafiya

Kwamfuta takan yayyanka murya zuwa ƙananan ƙunshe-ƙunshe da ake kira fakiti, ta aika da su ɗaya bayan ɗaya. A yawancin manhajojin kira, kowane fakiti na murya yana ɗauke da maganar milisakan 20. Milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan, kuma a allo ana rubuta shi ms. Ke nan, fakiti 50 ne suke fita a kowane sakan.

Idan ana sauke littafi daga intanet, fakitin da ya ɓata a hanya akan sake aiko shi, mai karatu kuma bai san an yi ba. A kira babu wannan sarari, domin maganar da ta iso bayan lokacinta ya wuce ba ta da amfani. Saboda haka abubuwa uku ne suke iya faruwa ga fakiti: ya daɗe a hanya, ko ya iso ba a kan kari ba, ko ya ɓata gaba ɗaya. Waɗannan su ne alƙaluman suke aunawa.

3.0 Alƙaluman Uku

A manhajar Zoom ta kwamfuta, ana shiga Settings, sannan a zaɓi Statistics yayin da ake cikin kira. A ƙarƙashin Audio da Video za a ga layukan Latency da Jitter da Packet Loss.

3.1 Jinkiri

Abin da allo yake kira Latency shi ne jinkiri, wato tsawon lokacin da fakiti yake ɗauka a hanya. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta bayyana a ƙa'idarta mai lamba G.114 cewa jinkirin da bai wuce milisakan 150 a tafiya ɗaya ba yakan wuce ba tare da yawancin masu magana sun lura ba, amma wanda ya haura milisakan 400 bai dace da hira ba. Jinkiri shi kaɗai ba ya yanke murya. Alamarsa ita ce malami ya yi tambaya ya ji shiru, ya fara maimaitawa, sai amsar ɗalibi ta faɗo a tsakiyar maganarsa.

Wani ɓangare na jinkiri nisa ne yake kawo shi. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200 a milisakan ɗaya. Tauraron ɗan'adam na sadarwa wanda yake tsaye a saitin wuri ɗaya kuwa yana nisan kilomita 35,786 daga ƙasa, don haka zuwa da dawowa ta kansa ba ya kasa kimanin rabin sakan. Irin wannan jinkiri tsayayye ne, ba ya hawa ba ya sauka. Jinkirin da yake hawa da sauka kuwa yawanci cunkoso ne yake kawo shi.

3.2 Saɓanin Isowa

Abin da allo yake kira Jitter shi ne saɓanin isowa. Fakitoci sun bar kwamfuta da tazarar milisakan 20 tsakaninsu, ya kamata su iso da wannan tazara. A ɗauka tazarar isowarsu ta kasance 20, 22, 55, 3 da 20. Bambancin kowace da 20 shi ne 0, 2, 35, 17 da 0. Jimillarsu 54, idan aka raba gida biyar za a sami milisakan 10.8. Manhajoji suna amfani da lissafin da ya ɗan fi wannan zurfi, amma ma'anar ita ce wannan.

Domin magance saɓanin, na'urar mai sauraro takan riƙe fakitoci na ɗan lokaci a wata ma'ajiyar jira, ta jera su, sannan ta fitar da muryar. Idan saɓani ya yi yawa, zaɓi biyu ne ya rage wa manhaja. Ko ta faɗaɗa ma'ajiyar, jinkiri ya ƙaru, ko ta watsar da fakitin da ya makara. Shi ya sa alamar saɓanin isowa ita ce murya ta riƙa in'ina, ta tsaya sannan ta zubo da sauri. Kamfanin Zoom yana ba da shawarar kada saɓanin ya wuce milisakan 40.

3.3 Asarar Fakiti

Packet Loss shi ne kaso cikin ɗari na fakitocin da ba su iso ba, kuma shawarar Zoom ita ce kada ya wuce kashi 2. Tunda fakiti 50 ne suke fita a sakan, kashi 2 yana nufin fakiti ɗaya a kowane sakan. Manhaja tana iya cike wannan giɓi ta hanyar kintace daga sautin da ya gabata. Amma idan fakiti goma suka ɓata a jere, an rasa maganar milisakan 200, wato kimanin gaɓa guda ta kalma. Idan gaɓar da ta ɓata ita ce "ba" ta korewa, ma'anar jimla ta juye. Saboda haka ne allon yake nuna lamba biyu, Avg da Max, wato matsakaiciyar asara da mafi girmanta. Matsakaiciya tana iya zama ƙarama alhali mafi girma ta kai kashi 15, kuma ita ce kunne yake ji.

Hoto ya fi murya jin jiki, domin yawancin hotunan bidiyo bambancinsu da na baya kawai ake aikowa. Idan guda ya lalace, na bayansa ba su da madogara, sai hoto ya daskare har a gyara giɓin ko a aiko da cikakken hoto sabo.

4.0 Gano Inda Matsala Take

Kowane layi yana da shafi biyu, Send da Receive. Na farko yana nuna halin abin da yake fita daga kwamfutar malami zuwa uwar garken Zoom, na biyu kuma abin da yake shigowa. Idan na fita ne ya lalace, ɗalibai ne za su yi ƙorafi alhali malami yana jin su sarai. Idan alƙaluman malami duk lafiya suke, kuma ɗalibi ɗaya ne kawai yake kuka, to matsalar tana wajen ɗalibin.

Bayan an gano ɓangaren, sai a raba hanyar gida biyu: daga kwamfuta zuwa na'urar rarraba intanet ta cikin ɗaki, wato rauta, da kuma daga rauta zuwa waje. A kwamfuta mai Windows, umarnin `ipconfig` yana nuna adireshin rauta a layin Default Gateway. Idan adireshin 192.168.1.1 ne, sai a rubuta:

```
ping -n 50 192.168.1.1
ping -n 50 8.8.8.8
```

Kowane umarni zai aika da saƙo 50, ya auna lokacin zuwa da dawowarsu, a ƙarshe ya nuna Minimum da Maximum da Average da adadin da ya ɓata. Ya kamata a yi wannan gwaji a daidai lokacin da kiran yake sarƙewa. Amsar rauta ta cikin ɗaki ba ta wuce 'yan milisakan kaɗan. Idan ta riƙa tsalle zuwa ɗaruruwa, ko saƙonni suna ɓata, to laifin na wayifai ne: nisa, ko bango, ko yawan masu amfani. Maganinsa matsowa kusa ko haɗawa da waya. Idan gwajin farko lafiya ne na biyu kuma ya lalace, matsalar tana bayan rauta.

5.0 Misali a Aikace

A ɗauka wata malama tana koyar da ɗalibai 30 daga ofishinta, ta hanyar rauta mai layin waya. Ɗalibai suka ce muryarta tana yankewa, ita kuwa tana jin su ba matsala. Ta duba Audio ta ga, a shafin Send, jinkiri 380, saɓanin isowa 95, asarar fakiti kashi 4 mafi girma kashi 12. A shafin Receive saɓanin 12 ne, asara kuma ba ta kai kashi 1 ba. Wannan ya nuna hanyar fita ce ta lalace.

Gwajin rauta ya ba da milisakan 2 zuwa 4 ba tare da asara ba, don haka wayifai ba shi da laifi. Gwaji na biyu kuwa ya riƙa lilo tsakanin 50 da 450. Jinkiri mai hawa da sauka a hanyar fita kaɗai alama ce ta cewa wani abu ya cika hanyar. Da aka bincika, sai aka tarar wata wayar hannu da take kan rautar tana ɗora hotuna da bidiyo zuwa ma'ajiyar intanet.

Lissafi zai nuna yadda hakan yake faruwa. A ce ƙarfin fita na layin megabit 2 ne a sakan, kuma hotunan sun tara jerin gwano na kilobayit 100 a cikin rauta. Kilobayit 100 daidai yake da kilobit 800, fitar da su kuma zai ɗauki sakan 0.4, wato milisakan 400. Duk fakitin murya da ya zo sai ya bi bayan wannan jeri. Jerin yana tsawo yana gajarta, daga nan saɓanin isowa ya samu. Idan wurin jira ya cika maƙil, rauta takan zubar da abin da ya zo daga baya, daga nan kuma asara ta samu. Dalili ɗaya ne ya ɓata alƙaluman uku. Da aka dakatar da ɗora hotunan, sai duk suka koma ƙasa da iyakokin da aka ambata.

6.0 Iyakokin Alƙaluman

Alƙaluman nan hanya kawai suke aunawa. Idan duk suna lafiya amma hoto yana tsaitsayawa, sai a duba CPU a ƙarƙashin Overall. Idan ya kusa cika, kwamfutar ce ta gaza, kuma rufe sauran manhajoji ko cire hoton bango na ado zai taimaka. Haka kuma saƙon `ping` ba lallai ne ya bi hanyar da kiran yake bi ba, don haka sakamakonsa manuniya ce kawai. Gwajin saurin intanet ma yana iya yaudara, domin layi yana iya nuna megabit 20 na saukewa alhali hanyar fitarsa a cushe take. Idan cunkoson na turken kamfanin waya ne, abin da ya rage wa malami shi ne ya kashe bidiyo ya bar wa murya hanya, ko ya sauya layi.

7.0 Kammalawa

An ga cewa jinkiri yana kawo karon magana, saɓanin isowa yana kawo in'inar murya, asarar fakiti kuma tana cinye gaɓoɓi ta daskarar da hoto. Matakan bincike su ne: a karanta alƙaluman, a kwatanta shafin fita da na shigowa, a gwada rauta da waje, sannan a duba nauyin da yake kan kwamfuta.

Tambayoyin Auna Fahimta

1. Bambance tsakanin jinkiri da saɓanin isowa, tare da alamar kowanne.
2. Fakitoci sun iso da tazarar milisakan 20, 40, 5, 25 da 10. Lissafa matsakaicin saɓaninsu.
3. Gwajin rauta ya nuna milisakan 3 zuwa 300, kuma saƙo 4 cikin 50 sun ɓata. Ina matsalar take, kuma mene ne maganinta?