Ɓarawon da ba ya neman kalmar sirri

A ranar 23 ga Maris, 2023, masu bibiyar tashar Linus Tech Tips a YouTube suka wayi gari tashar ta sauya kama. Tasha ce ta ƙasar Kanada mai mabiya fiye da miliyan 15, sana'arta kuma bayanin kwamfuta da wayoyi. Cikin dare aka canza mata suna zuwa Tesla, aka ɗora wani tsohon bidiyon Elon Musk kamar kai tsaye ake watsa shi, ana kwaɗaita wa mutane su tura kuɗin kirifto a ninka musu. Ƙananan tashoshinta biyu, Techquickie da TechLinked, su ma ba su tsira ba. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne, mai tashar, Linus Sebastian, ba baƙo ba ne a harkar. Kalmomin sirrinsu masu ƙarfi ne, kuma suna amfani da tabbatarwa mai mataki biyu, wato lambar nan da ake nema bayan kalmar sirri. Ɓarayin ba su buƙaci ko ɗaya daga ciki ba.

Dalilin yana cikin abin da ke faruwa bayan mutum ya shiga asusunsa. Idan ya rubuta kalmar sirri, ya shigar da lambar da aka turo masa, kamfanin zai ba burauzarsa wani ɗan dogon rubutu na haruffa da lambobi, a ajiye shi cikin abin da ake kira kuki. Daga nan duk shafin da ya buɗe, burauzar za ta miƙa wannan shaida a ɓoye, a bar shi ya wuce. Shi ya sa ake iya yin makonni ana buɗe Gmail ko Facebook ba a sake tambayar komai ba. Kamar tikitin mota ne a tasha: sai da aka biya kuɗi aka yanke shi, amma yaron mota ba ya tambayar wa ya biya, duk wanda ya nuna tikitin zai zauna. Mataki na biyu a wurin shiga kaɗai yake aiki, kuma sau ɗaya. Wanda ya kwafi kukin ya ɗora a tasa burauzar, a idon kamfanin mai asusun ne da ya riga ya gama tantancewa.

To yaya kukin ya fita daga kwamfutar? Bayanin da Sebastian ya yi bayan an dawo masa da tashar ya nuna cewa wani ma'aikacinsa ne ya samu saƙon imel daga masu cewa suna son ba da talla. Saƙon bai yi kama da na damfara ba. Ya sauke fayil ɗin da aka haɗo, wanda ya yi kama da takardar yarjejeniya ta PDF, ya danna, bai buɗe ba, sai ya ci gaba da aikinsa. A wannan ɗan lokacin manhajar da ke ɓoye ciki ta kwashe abin da burauzojin kwamfutar suka adana, har da kukis, ta aika. Irin waɗannan fayiloli sukan ƙare da `.exe` ko `.scr`, amma Windows na ɓoye ƙarshen sunan fayil in ba an sa ta nuna ba, don haka `tayi.pdf.exe` sai ya bayyana a matsayin `tayi.pdf`. Wannan tarko ya shafi duk mai tasha, har da masu ɗora finafinan Hausa masu dogon zango, tun da tayin talla abu ne da kowa ke jira. Manhajojin da aka fasa ake rabawa kyauta su ma sananniyar hanya ce ta yaɗa wannan cuta.

Akwai hanya ta biyu da ba ta buƙatar a sauke komai. Ana tura wa mutum adireshin shafin bogi wanda ke tsaye tsakaninsa da shafin gaskiya. Ya rubuta kalmar sirri, shafin ya miƙa ta can. Aka nemi lamba, ya shigar, ita ma aka miƙa. Da kamfanin ya fitar da kukin, sai mai tarkon ya riƙe kwafi. A watan Yulin 2022 Microsoft ya bayyana cewa wani hari irin wannan ya nufi ƙungiyoyi da kamfanoni fiye da 10,000. Kayan satar ma har kasuwa gare su: a Afrilun 2023 hukumar FBI da 'yan sandan wasu ƙasashe suka rufe shafin Genesis Market, inda ake sayar da su.

Abin da ya fi ɓata wa Sebastian lokaci a daren shi ne neman ɓarakar a inda ba ta. Ya duƙufa kan kalmar sirri da mataki na biyu, alhali mutane da yawa ne ke da izinin sarrafa tashar, kuma ta asusun ɗaya daga cikinsu aka shigo. Yana gyara, ɓarayin na sake ɓatawa, har YouTube ta dakatar da tashar kafin ta dawo da ita.

A nan ne amfanin fita daga dukkan na'urori yake. Ingancin kuki a wurin kamfanin yake, a jerin zaman da ya san suna buɗe. Idan mutum ya rufe burauza, ko ya goge kukis ɗin kwamfutarsa, nasa kwafin kawai ya jefar, na ɓarawo na nan daram. Amma idan ya umarci kamfanin ya rufe kowane zama, to an soke shaidar daga tushe, duk kwafinta ya zama banza. Ɓarawon zai koma shafin shiga, inda mataki na biyu ke jiransa.

A Google ana buɗe `myaccount.google.com`, a shiga Security, a nemi Your devices, a fitar da na'urorin ɗaya bayan ɗaya. A Facebook da Instagram wurin yana cikin Accounts Center, ƙarƙashin Password and security, da suna Where you're logged in. A Telegram akwai Terminate all other sessions a sashen Devices. A WhatsApp kuwa Linked devices ne, kuma ya dace mai shiga WhatsApp a kwamfutar kafe ko ta ofis ya riƙa leƙa shi. Sunan garin da jerin ke nunawa ƙiyasi ne; mai waya a Kano na iya ganin an rubuta Legas. Nau'in na'urar da lokacin da aka yi amfani da ita sun fi zama abin dogaro. Kukin da aka kwafa ma yana iya fakewa ƙarƙashin sunan na'urar mai asusun, shi ya sa rufe duka ya fi zaɓen wanda ake zargi.

Tsarin da aka bi yana da tasiri. A yi aikin daga wata na'ura mai tsabta, domin idan manhajar satar na nan a kwamfutar, sabon kukin ma za ta ɗauka da zarar an sake shiga. A canza kalmar sirri a lokaci guda, tun da irin waɗannan manhajoji na kwashe har da waɗanda burauza ta adana, a kowane asusu. Sannan a duba abin da ɓarawon ya dasa kafin a kore shi: lambar waya ko imel na dawo da asusu da ya sauya, umarnin tura kwafin saƙonni zuwa wani adireshi, manhajar waje da ya ba izini, ko sabon manaja da ya ƙara a tasha ko shafi. Fita daga na'urori ba ya cire waɗannan, kuma ba ya dawo da saƙonnin da aka riga aka kwafa. A wasu manhajoji ma sokewar na iya ɗaukar kusan awa ɗaya kafin ta kama ko'ina. Ita kuwa kwamfutar da cutar ta shiga, mafi aminci a kwashe takardun da ake buƙata, a goge ta gaba ɗaya, a sake ɗora mata Windows kafin a ƙara shiga wani asusu da ita.