Sabuwar firinta ta iso a lanƙwashe: wasiƙar da na rubuta wa mai kaya

Ga rubutaccen shirin wannan mako saboda waɗanda data ba ta isa su saurara ba.

Yau maganar wasiƙa za mu yi, wasiƙar ƙorafi zuwa ga mai sayar da kaya ta intanet. Abin a kaina ya faru, shi ya sa zan ba ku shi dalla-dalla.

Mu matasan unguwarmu a nan Ƙofa muka yi karo-karo don mu sayi firinta. Dalilin kuwa kun san shi. Yaro zai fitar da takardar JAMB ko ta neman aiki, shafi ɗaya tal, amma sai ya biya kuɗin mota ko na acaɓa kafin ya samu inda za a buga masa. Muka tara naira 285,000, aka damƙa mini, aka ce ai kai ne ɗan boko, kai za ka yi oda. Na zaɓi firinta mai amfani da tona, wato hodar nan baƙa, saboda ba ta bushewa kamar tawadar ruwa idan ta daɗe ba a yi aiki da ita ba. Ranar Litinin 3 ga Fabrairu 2025 na biya. Ranar Juma'a 7 ga wata aka kira ni na je cikin Kano na karɓa, don ba sa kawo kaya har garinmu.

A nan na yi kuskurena na farko. Na sa hannu a takardar karɓa ban buɗe kwalin ba, ina sauri in kama mota. Abin da ya cece ni shi ne hoton da na ɗauka a kan teburin ofishin, na tura wa zaurenmu na WhatsApp cewa kaya sun iso. A hoton nan ana ganin kusurwar kwalin ta hagu a murƙushe. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da na iso gida na sa ƙanena ya riƙe waya yana ɗaukar bidiyo tun kafin in yanka salatif. Muna fito da firintar muka ga gefen hagu ya lotsa ciki. Ƙofar da ake sa katirij ba ta rufuwa, ta bar rata da yatsa zai shiga. Na aza ta a kan tebur, ƙafa uku suka zauna, ɗaya tana lilo. Katirij babu. Wayar wuta babu. Tiren da ake jera takarda ma babu.

Wani a cikinmu ya ce a kai wa mai gyara ya buga ta ta miƙe, mu sayi katirij a kasuwa, magana ta ƙare. To, bari in gaya muku abin da ya sa na ƙi. A cikin firinta takarda tana bi ne ta tsakanin robobi masu juyawa, daga tire zuwa gangar da ke ɗora rubutu, sannan zuwa wurin da zafi ke manne hodar a jikin takarda. Duk waɗannan a jikin firem ɗin suke ɗaure, kuma dole su kasance daidai da juna. Da zarar firem ya karkace, gefe ɗaya na takarda zai riga ɗayan tafiya, rubutu ya fito a karkace, ko takarda ta riƙa maƙalewa. Ita kuma ƙofar katirij akwai ɗan makunni a bayanta. Muddin ba ta rufu ta danna shi ba, firinta za ta ɗauka a buɗe take, ba za ta buga komai ba. Sannan garantin kamfanin da ya ƙera ta yawanci bai shafi bugu ko faɗuwa ba. Ka ga ke nan hakkin yana wuyan wanda ya sayar. Ranar da mai gyara ya kwance ko da kusa ɗaya, ka ba mai kaya hujjar cewa kai ka ɓata. Don haka ban jona ta da wuta ba, ban kuma bari kowa ya taɓa ta ba.

Kafin in rubuta ko kalma ɗaya, abu biyu na bincika. Na farko, shafin ɗan littafin da ke cikin kwali inda aka zana abubuwan da ya kamata a tarar a ciki, na haɗa shi da sikirinshot na tallar, wurin da aka rubuta "What's in the box". Wannan ya hana ni jin kunya. Da farko na sa wayar USB cikin abubuwan da suka ɓata, ashe ba ta cikin jerin, firintoci da yawa ba sa zuwa da ita. Da na bar ta a wasiƙa, a kanta mai kaya zai tsaya ya ce ban san abin da na saya ba.

Na biyu, na nemi alamar ko an taɓa buɗe kwalin. Bugun hanya yana iya lanƙwasa ƙarfe, amma ba ya ɗauke katirij daga cikin kwali. Na duba, sai ga salatif hawa biyu, na asali an yanka an ɗora wani a kai. 'Yan salatif masu launi da kamfani ke manna wa sassan da ke motsi babu su, ga soson da ke tare gefen hagu shi ma babu. Lambar siriyal, wadda ake rubutawa bayan S/N a jikin kwali da bayan firinta, ta dace da juna. Wato firintar ce ta kwalin, amma wani ya riga ni buɗewa.

Washegari Asabar na tura wasiƙar. Da Turanci ta tafi, ga abin da ta ƙunsa:

"Zuwa ga sashen kula da masu sayen kaya. Ƙorafi kan firinta da ta iso a lalace kuma ba cikakkiya ba.

Ranar 3 ga Fabrairu 2025 na sayi sabuwar firinta a shafinku kan naira 285,000. Lambar oda da lambar siriyal suna saman wannan takarda. Na karɓe ta a Kano ranar 7 ga Fabrairu.

Da na buɗe kwalin na tarar da gefen hagu na firem ɗin ya lotsa, ƙofar katirij ba ta rufuwa, kuma firintar ba ta zama daidai a kan tebur. Abubuwa uku da tallarku da littafin firintar suka lissafa ba sa ciki: katirij ɗin tona, wayar wuta da tiren takarda. Kwalin yana da salatif hawa biyu, kuma soson gefen hagu babu shi. Ban jona ta da wuta ba, ba wanda ya kwance ta.

Ina buƙatar ku karɓi wannan firinta da kuɗinku, ku kawo mini sabuwa cikakkiya irinta. Idan babu, ku mayar mini da naira 285,000. Ina jiran amsarku a rubuce zuwa ranar 15 ga Fabrairu. Idan ranar ta wuce, zan kai ƙorafi Hukumar FCCPC bisa sashe na 131 da na 132 na dokar kare hakkin masu saye ta 2018.

Na haɗo rasit, sikirinshot na tallar, hoton kwalin a ofishin karɓa, hotuna shida na firintar da bidiyon buɗe kwalin."

Kun ji ta, gajeriya ce. Ku lura ban ce sun cuce ni ba, ban kira kowa ɓarawo ba. Na ce salatif hawa biyu ne, na tsaya a nan. Ban san wanda ya buɗe ba, ko a shago ne ko a hanya. In ka yi zargi, sai gardama ta koma kan zarginka. In ka faɗi abin da ido ya gani, sai dai a amsa maka a kansa. Haka kuma ban rubuta "don Allah ku duba lamarina" ba. Wanda zai karanta ma'aikaci ne mai tarin saƙonni a gabansa, ka gaya masa abin da kake so da ranar da kake so, ya san inda zai tura takardarka.

Dokar da na ambata kuwa ba barazanar banza ba ce. Ita ce dokar tarayya ta gasar kasuwanci da kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 131 ya ce mai saye yana da hakkin samun kaya masu inganci, masu aiki, marasa aibu. Sashe na 132 ya ce idan kaya suka gaza haka, kana iya mayar da su cikin wata uku da karɓa, ba tare da tara ba, kuma kuɗin mayarwa da haɗarin hanya na kan mai kaya, shi kuma ya gyara, ko ya canza, ko ya biya. Amma kada wata ukun nan ya sa ka miƙe ƙafa. Manyan shafukan saye suna da nasu wa'adin na 'yan kwanaki, bayansa maɓallin "Return" yana rufewa. Shi ya sa na danna shi a ranar, na tura wasiƙar ta imel, na kuma liƙa ta a akwatin saƙon shafin. Da suka kira ni a waya, ina kashewa na rubuta musu taƙaitaccen abin da muka faɗa, don maganar baka ba ta da shaida.

Amsarsu ta farko ta zo ranar Talata: ai na sa hannu na karɓa, wataƙila a motar da ta kawo ni gida ta bugu. Nan hoton nan na WhatsApp ya yi rana. Yana ɗauke da lokaci, ga teburin ofishinsu, ga kusurwar a murƙushe daidai gefen da firintar ta lotsa. Sai suka sauko, suka ce za su aiko da katirij da waya da tire, in riƙe firintar. Na ce a'a, sassan da suka ɓata ba za su miƙar da firem ba. Ranar 14 ga wata suka amince da canji. Bayan kwana goma na koma Kano, wannan karon a gabansu na buɗe kwali, na ƙirga komai, na rufe ƙofar katirij na ji ta ce ƙas, sannan na sa hannu.

Gaskiya ɗaya kafin mu rabu. Wannan hanya ta yi aiki ne saboda mai kayan yana da adireshi, da rasit, da sunan da yake tsoron ya ɓaci. Wanda ka gani a Instagram ka tura kuɗi asusun wani mutum, in ya toshe lambarka, wasiƙa ba ta da inda za ta je. Doka tana nan, amma sai an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ko ita hukumar, ko hukumar kare hakkin masu saye ta Jihar Kano, abin da za su fara tambayarka shi ne wa ya sayar maka, ina rasit.

'Yan uwa na Kiru, Tudun Wada da Doguwa da kuke aika direba ya karɓo muku kaya, ku roƙe shi abu ɗaya: ya ɗauki hoton kwalin ta kowane gefe kafin ya sa shi a but. Firintarmu dai tana nan tana aiki, jiya ma ta buga takardun yara goma sha ɗaya.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.