Taga da farin kwali sun isa ɗaukar hoton kayan sayarwa

Mai saye ta intanet ba ya taɓa kaya kafin ya biya, hoto kawai yake gani a WhatsApp ko Instagram ko Jiji. Shi ya sa yawancin rigimar "ba wannan na gani ba" daga launi take farawa. Sau da yawa mai kayan ba ta yi ha'inci ba, hasken da ta ɗauki hoton a cikinsa ne ya sauya wa kayan kama.

Kowane haske yana da launinsa. Na rana fari ne, ma'auninsa kusan 5500K, na ƙwan lantarki mai ɗorawa kuwa wajen 2700K. Idan ƙwai na kunne kuma taga na buɗe, waya takan rasa wanda za ta bi, sai gefe guda na kayan ya fito da ɗorawa, ɗayan da shuɗi-shuɗi. Don haka matakin farko shi ne a kashe fitilar ɗaki da filashin waya, a bar hasken taga shi kaɗai.

Mu ɗauki mai sayar da humra a kwalba. Za ta jawo tebur kusa da tagar da rana ba ta shigowa kai tsaye, tazarar kamar rabin mita zuwa mita ɗaya, hasken ya riƙa zuwa ta gefen kwalbar. Idan tagar gabas take kallo, ta jira sai bayan azahar, ko kuma ta rataya farin mayafi marar kauri ya tausasa hasken. Mayafin sai fari, domin mai launi zai rina kayan. Inuwa ce ke nuna ko an dace: idan bakinta ya fito a yanke, baƙi ƙirin, hasken ya yi ƙarfi; idan tana dusashewa a hankali, ya yi daidai.

Abin da za a sa a baya shi ne babban farin kwali irin na 'yan makaranta. Za ta manna samansa a bango da salatif, ta bar ƙasansa ya kwanto a kan tebur ba tare da ta ninke shi ba. Lanƙwasar nan ce ke ɓoye layin da bango da tebur suka haɗu. Ta ajiye kwalbar kamar taƙi ɗaya ko biyu daga bangon don kada inuwa ta hau shi. Gefen da ba ya kallon taga zai yi duhu, sai ta tsayar da wani farin kwalin a wajen ya maido da haske. Matso da shi kan rage duhun, janye shi kan ƙara.

Gilashi ba ya ɓoye komai. Ƙurar hunturu da shatin yatsa duk sai sun fito, har jar rigar mai ɗaukar hoton takan bayyana a jikin kwalba. Sai ta goge kwalbar da idon kyamarar da tsumma mai laushi, ta kuma sa tufa baƙa ko mai ruwan toka.

Saura riƙon waya. Idan aka kai ta dab da kaya, kwalba takan fito da ƙaton ciki da ɗan kai. Gara a ja baya, a sa idon kyamara daidai da tsakiyar kwalbar, sannan a yanke hoton daga baya, ko a danna 2x idan wayar tana da ido na musamman don haka. A jingina wayar da littattafai, a saita ta ɗauka bayan daƙiƙa 3, don kada hannu ya girgiza ta. Farin kwali kan sa kyamara ta rage haske har ya koma ruwan toka. Maganinsa a taɓa kwalbar a allon waya, a ɗan ja alamar rana sama, a tsaya kafin rubutun jikin kwalbar ya fara ɓacewa.

Hoto huɗu ya wadatar: gaba, baya, murfi a kusa, da ɗaya a tafin hannu don a gane girmanta. Kafin ta ɗora, ta kai wayar da kwalbar bakin taga ta kwatanta. Idan ruwan humrar ya fi na zahiri ja ko haske, ta sake ɗauka, kada ta lulluɓe shi da filta. Ta tuna kuma WhatsApp yana matse hoto, don haka ta zaɓi HD ko ta tura shi a matsayin Document.

Wadda ta samu saitin da ya yi mata, ta yi wa wurin tebur alama a ƙasa, ta riƙe lokacin da ta ɗauka, domin duk kayan shagonta su fito da haske iri ɗaya.