Littafin da Ya Kamata Iyali Su San Inda Yake

A yawancin gidajenmu, lissafin dukiya a kan mutum ɗaya yake zaune. Maigida shi kaɗai ya san bankunan da yake ajiya, da wanda yake bi bashi, da wanda ke bin sa. Muddin yana kan ƙafafunsa babu matsala. Amma ciwo irin shanyewar ɓarin jiki ko haɗarin mota kan hana mutum magana cikin awa ɗaya, sai a bar uwargida da wayar da ba ta san lambar buɗe ta ba, da mutane masu sallama a ƙofa kowa da tasa da'awar.

Maganin wannan ba ya wuce littafi ɗaya mai bango mai ƙarfi. Addini ma ya riga ya nuna hanya: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Abin da ya rage shi ne a san me za a rubuta, da yadda za a rubuta shi ya yi amfani ranar da mai shi ba zai iya ƙarin bayani ba.

Mu ɗauki misalin wani ɗan kasuwar hatsi a Dawanau, wanda ciwo ya kwantar da shi farat ɗaya. A asusunsa na banki akwai naira 2,400,000. Duk wanda ya ga wannan adadi zai ce kuɗinsa ne. Amma a ciki, naira 600,000 ajiyar ƙanensa ce da ke tara kuɗin gini. Akwai dillalin da ya ba shi masara bashi ta naira 900,000, za a biya ƙarshen wata. Yana kuma cikin adashin mutum goma mai zubin naira 50,000 duk wata, ya riga ya kwashi nasa a wata na huɗu, saura zubi shida, wato naira 300,000. Idan aka cire waɗannan uku, abin da ya rage naira 600,000 ne kacal. A ɗaya ɓangaren kuma, wasu masu shaguna biyu sun karɓi kaya a hannunsa na naira 350,000 ba su biya ba. Haƙiƙanin abin da ya mallaka ke nan naira 950,000, bai kai rabin abin da banki ke nunawa ba.

In babu rubutu, kuskure biyu ne ke jiran iyalinsa. Za su iya taɓa ajiyar ƙanen da kuɗin dillali a hidimar asibiti, suna zaton nasu ne. Sannan naira 350,000 ɗin nan za ta iya salwanta, domin masu bin bashi su ne ke saurin zuwa, waɗanda ake bi kuwa sai mai tsoron Allah. Shi ya sa littafin ke buƙatar shafuka huɗu a rarrabe: abin da na mallaka da inda yake, bashin da ake bi na, bashin da nake bi, da amanar mutane da ke hannuna. Wannan shafi na ƙarshe shi aka fi mantawa da shi, kuma shi ya fi raba zumunci.

Kowane bashi a rubuta shi yadda baƙo zai gane: cikakken sunan mutum da lambar wayarsa, adadin kuɗi da lamba da kuma kalmomi, ranar da aka karɓa, ranar biya, da sunan shaida. Rubutu irin "Alhaji, 900" ba ya amfanar kowa, don Alhazai suna da yawa a kasuwa, kuma ba a san ko ɗari tara ba ne ko dubu ɗari tara. In an biya wani ɓangare, a rubuta a ƙasa da kwanan wata. In an gama biya, a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karantawa, kada a yage shafin.

A ɓangaren banki, a rubuta sunan kowane banki, da lambar asusu mai lambobi goma, da lambar wayar da ke karɓar saƙon shigar kuɗi, har da asusun manhajojin waya da na'urar POS in akwai. A ambaci inda takardar BVN da ta NIN suke. Ma'aikaci ya ƙara sunan kamfanin da ke riƙe masa kuɗin fansho da lambar asusunsa a can. A kuma faɗi inda takardun fili da na gida suke, da ko an jinginar da wani abu. Layin waya kuwa a kula da shi sosai: in ya yi watanni ba a amfani da shi, kamfani na iya ba wa wani, kuma da shi ake shiga yawancin asusun yanzu.

Lambobin sirri na kati da na manhaja ba sa shiga wannan littafi. Littafi na iya faɗawa hannun da bai dace ba, kuma lambar asusu haɗe da lambar sirri tamkar miƙa kuɗin ne. Hanyar da ta fi tsabta ita ce tun da lafiya a je banki a tambayi yadda ake sa miji ko mata cikin masu ikon sa hannu, ko a buɗe asusun haɗin gwiwa da za a riƙa ajiye kuɗin cefane da na asibiti na 'yan watanni.

Akwai kuma iyakar da ya kamata kowa ya sani. Wannan izini na lokacin rayuwa ne. Da zarar rai ya yi halinsa, dukiyar ta zama ta magada, kuma cire kuɗi da katin mamaci shiga haƙƙin wasu ne, ko da matarsa ce. Sa sunan mutum a takardar banki a matsayin makusanci ma ba ya ba shi kuɗin. Banki zai nemi takardar shaidar mutuwa da takardar kotu kafin ya saki ko kwabo. A shari'ar Musulunci, bayan hidimar jana'iza bashi ake fara biya, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi, sannan rabon gado. Littafin shi ne zai nuna wa alƙali da magada abin da za a fara fitarwa.

Gidan da ke da mata fiye da ɗaya, kada sanin littafin ya tsaya ga mace guda, don gudun zargi. Kowacce ta san yana nan, a kuma ajiye kwafinsa wurin wani amintacce, wa ko babban ɗa. Mace ma tana da nata lissafin: adashinta, gwal ɗin da ta ba da ajiya, dabbobin da ake yi mata kiwo a ƙauye, da kayan da ta ba da bashi a gidajen unguwa. Miji da yawa ba su san ko ɗaya daga ciki ba.

A ƙarshe, littafin da ba a sabuntawa yana iya ɓatar da iyali, ya sa su nemi bashin da aka riga aka biya. A ware rana ɗaya duk wata a gyara shi, a rubuta kwanan wata a saman shafi, sau ɗaya ko biyu a shekara kuma miji da mata su zauna su karanta shi tare. Wurin da ɗayan ya tsaya yana tambayar "wannan kuma wane ne?", nan ne rubutun bai cika ba, kuma gara a gyara shi yanzu da mai amsa yake nan.