Kwalba biyu, yaro ɗaya: yadda ake koya wa ɗalibai lissafin maganin yara

Ranar da zan fara wannan darasi da ɗaliban jinya, ba na taɓa allo sai na ajiye kwalabe biyu a kan tebur. Dukansu farasitamol ne na ruwa, wanda ake ba yara don zazzaɓi. Sai in ce: ga yaro mai nauyin kilo 12, nawa za ku ɗebo masa? Ba a rasa mai saurin baki da zai ce cokali ɗaya da rabi. Sai in tambaye shi daga wace kwalbar. Nan aji yake yin tsit.

Babba, akasari, ƙwaya ɗaya ko biyu ake ce masa ya sha, shi ke nan. Yaro kuwa da nauyinsa ake auna masa, domin jariri mai kilo 3 da ɗan firamare mai kilo 25 duk yara ake kiransu, amma abin da zai warkar da wannan yana iya halaka wancan. Lissafin hawa biyu ne. Da farko a gano miligiram nawa na maganin yaron yake bukata. Bayan nan a gano mililita nawa na ruwan kwalbar ke ɗauke da wannan adadin.

Ƙa'idar farasitamol ita ce miligiram 15 ga kowane kilo a sha ɗaya, kuma ba a wuce sau huɗu a kwana. Yaronmu mai kilo 12 zai samu miligiram 180. Kwalba ta farko an rubuta mata 120 mg/5 ml, wato kowace mililita tana ɗauke da miligiram 24. A raba 180 da 24, an samu mililita 7.5. Kwalba ta biyu ƙarama ce, irin ta jarirai da ake ɗiga musu a baki, rubutunta 100 mg/ml. A cikinta mililita 1.8 kacal ta ishe shi. Wanda ya haddace "bakwai da rabi" ya ɗebo daga ƙaramar kwalbar ya ɗura wa yaro miligiram 750, fiye da ninki huɗu. Abin tsoron shi ne farasitamol hanta yake kamawa a ɓoye. Yaro na iya kwana yana wasa, sai bayan kwana ɗaya ko biyu alamun su fito. Shi ya sa nake hana su haddace mililita. Miligiram na yaron ne, mililita kuwa ta kwalbar da ke hannunka ce a ranar, gobe kantin magani na asibiti yana iya kawo wata.

Cokali ma na kore shi daga ajina. Na taɓa sa kowane ɗalibi ya zo da cokalin shayi daga gida muka auna da sirinji, ba a samu biyu da suka yi daidai ba. Uwa sirinjin baki ake miƙa mata, a nuna mata layin da za ta tsaya.

Nauyin kansa yana da nasa rikici. Akwai dabarar gaggawa da ɗalibai suke so: a ƙara huɗu a kan shekarun yaro a ninka biyu, ɗan shekara uku ya zama kilo 14. Dabarar ta lokacin da babu sikeli ce kuma rai na hannun Allah. A ɗakin yara masu tamowa, ɗan shekara ukun nan yana iya zama kilo 9. In sikeli na nan, a ɗora shi. In ya ƙi tsayawa, a auna uwar tana riƙe da shi, a sake auna ta ita kaɗai, a ɗebe.

Kuskuren da ya fi cin ɗalibai masu ƙoƙari, ba ma ragwaye ba, yana cikin kalmomi biyu: "a sha ɗaya" da "a kwana". Ɗauki amokzisilin na ciwon haƙarƙari, wanda likitoci ke kira nimoniya. Wani littafi zai rubuta miligiram 40 ga kowane kilo, sau biyu a kwana. Wani zai rubuta miligiram 80 ga kowane kilo a kwana, a raba biyu. Magana ɗaya ce. Yarinya mai kilo 10 za ta sha miligiram 400 da safe, 400 da dare. Daga kwalbar 250 mg/5 ml, mililita 8 ke nan kowane sha. Amma a jarrabawa sai in ga ɗalibi ya ɗauki 80 ɗin ya ba da 800 sau biyu. Wani kuma, don tsananin taka-tsantsan, ya ɗauki 40 ɗin ya sake raba ta biyu, yarinya ta samu rabin magani. Wannan na biyun ba ya tayar da hankalin kowa a take, sai dai a ga kwana uku numfashi bai daidaita ba, a ce maganin jabu ne.

Inda na fi daɗewa shi ne allurar atesunet, ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, don ita za su fi haɗawa da damina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce miligiram 2.4 ga kowane kilo, amma yaron da bai kai kilo 20 ba a ba shi miligiram 3. Garin maganin miligiram 60 ne a 'yar kwalba. Ana fara narkar da shi da mililita 1 na ruwan baikabonet da ke zuwa tare da shi, sannan a ƙara mililita 5 na ruwan gishiri in ta jijiya za a yi. Jimla mililita 6, kowace mililita miligiram 10. Yaro mai kilo 14 yana bukatar miligiram 42, wato mililita 4.2.

Wata ɗaliba ta kawo mini 3.5, kuma rabawarta ba kuskure. Ta manta da mililitar farko ta baikabonet, ta raba 60 da 5.

"Malam, ai bambancin kaɗan ne," in ji ta.

Na ce mata, "'Yata, miligiram 35 kika ba yaron da ke suma maimakon 42. Kin rage masa kashi ɗaya cikin shida, kuma haka za ki sake yi bayan awa 12, ki kuma a awa 24."

In ta tsoka za a yi, mililita 2 ake ƙarawa, ruwan ya ninka ƙarfi, yaron ya samu mililita 2.1. Kwalba ɗaya, amsa biyu.

Ba na hana kalkuleta, amma sai an faɗa mini kintace kafin a danna. Arba'in da biyu ya ɗan haura biyu bisa uku na sittin, saboda haka abin da za a zuƙa zai ɗan haura mililita 4. Mai wannan kintacen a ka, in waya ta nuna masa 42 ko 0.42, zai san yatsa ne ya zame. Ɗigon nan shi ne mugu, don ninki goma yake jawowa. Wanda ya rubuta .5 ba sifili a gaba, in biro ya shuɗe, mai karɓar aiki da dare 5 zai karanta. Wanda ya rubuta 5.0 kuma ana iya karanta 50. A takardar jarrabawata, duk wanda ya yi ɗayan biyun ya rasa makin tambayar gaba ɗaya, ko da lissafinsa daidai ne. Suna ƙorafi kowace shekara.

A makon ƙarshe nakan haɗa su biyu-biyu, kowa ya yi lissafinsa shi kaɗai, baya da baya, sannan su kwatanta. In ɗaya ya karanto amsarsa ya ce "haka ne ko?", ɗayan kai kawai zai gyaɗa. Ɗalibar nan ta atesunet, a wannan zagayen, ita ce ta ɗaga kwalbar da na sauya a ɓoye ta ce, "Malam, wannan ai ta 120 ce, ba ta 60 ba."