Takardar Neman Cikon Kuɗin Makaranta: A Nemi Haƙƙi Ba Tare Da An Ci Mutunci Ba

Ana saura kwana biyar a fara jarrabawar zangon farko, maƙwabcina ya same ni a ƙofar gida bayan sallar la'asar, da wata 'yar takarda a hannunsa. Ɗiyarsa da ke aji huɗu na firamare ce ta kawo masa ita daga makarantar kuɗi da take zuwa. Takardar ta sha naɗi, har ta yi laushi da gumin hannun yarinyar. Ya ce tun da ta dawo ba ta ci abinci ba, domin a gaban 'yan ajinsu aka kira sunayen waɗanda za a ba takardar. Ga abin da aka rubuta:

"SANARWA TA ƘARSHE! Ana sanar da duk iyayen da suka ƙi biyan kuɗin makaranta da su biya nan take. Duk ɗalibin da ake bin sa bashi ba zai zauna jarrabawa ba, kuma za a kore shi gida. Ba za a saurari uzurin kowa ba. Sa hannu: Hukumar Makaranta."

Kuɗin zangon naira 45,000 ne. Mutumin nan ya riga ya biya 30,000 tun makon farko, saura 15,000. Bai ƙi biya ba, bai kuma ɓuya ba. Amma takardar ta sa shi sahu ɗaya da wanda bai ba da ko sisi ba.

Kafin mu yi wa takardar nan gyara, adalci ne mu fahimci abin da ke sa makarantu rubuta irinta. Makarantar kuɗi ba ta da wata rijiya da take ɗiba sai aljihun iyaye. Daga nan ake biyan albashin malamai, da hayar gini, da man janareta, da buga takardun jarrabawar kanta. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, komai ya ƙara tsada a kan makarantar kamar yadda ya ƙara a kan iyayen. Masu makarantu kuma sun san cewa da zarar an gama jarrabawa an tafi hutu, karɓar ciko yakan yi wuya, musamman a zango na uku, lokacin da wasu kan sauya wa 'ya'yansu makaranta su bar bashi a baya. Saboda haka neman kuɗin haƙƙi ne. Matsalar tana ga yadda aka nema.

Aibin farko na waccan takarda shi ne kalmar "suka ƙi". Akwai tazara mai nisa tsakanin wanda ya ƙi da wanda bai samu ba, da wanda ya biya rabi, da wanda ya tura kuɗin ta waya amma akawun makaranta bai shigar a littafi ba. Idan ka fara magana da zargi, wanda kake yi wa zai fara tunanin kare kansa, ya manta da batun biya. Magana zarar bunu ce, kuma wadda aka rubuta ta fi wuyar mayarwa.

Aibi na biyu, duk da zafinta, takardar ba ta faɗi komai ba. Nawa ake bi? Ba a rubuta ba. Yaushe ne "nan take"? Yau ne, ko gobe, ko kafin safiyar jarrabawa? A banki za a biya ko a ofis? Idan mutum yana da magana, wa zai gani? "Hukumar Makaranta" ba mutum ba ce da za a yi wa sallama a zauna da ita. Uban da ya karanta wannan ya samu fargaba, bai samu hanyar fita ba.

Aibi na uku shi ne mafi ciwo: "ɗalibin da ake bin sa bashi". Yarinya 'yar shekara tara ba ta ci bashin kowa ba. Yarjejeniyar tsakanin makaranta ce da mahaifinta. Da aka ɗora mata bashin a rubuce, aka kuma kira sunanta a gaban aji, an hukunta wadda ba ta da ikon warware matsalar, a daidai makon da ya kamata hankalinta ya kwanta ta yi bita.

To, yaya ya kamata a rubuta? Ga misalin yadda wannan saƙon zai kasance idan an gyara shi, da adadin kuɗin da muka ambata:

"Zuwa ga mahaifin ɗalibarmu ta aji huɗu. Assalamu alaikum. Muna fatan kuna lafiya tare da iyali. Muna sanar da ku cewa za a fara jarrabawar zangon farko ranar Litinin, 1 ga Disamba. Bisa ga littafinmu, kuɗin wannan zango naira 45,000 ne, kun biya naira 30,000, mun gode. Abin da ya rage shi ne naira 15,000. Muna roƙon a cika shi kafin ƙarfe 12 na ranar Juma'a, 21 ga Nuwamba, domin mu samu damar buga takardun jarrabawa da biyan malamai a kan lokaci. Za a iya biya a ofishin akawu daga ƙarfe 8 na safe zuwa 2 na rana, ko ta asusun makaranta da ke ƙasan wannan takarda, a rubuta sunan ɗaliba da ajinta. Idan kun riga kun biya, ku yi mana afuwa, ku aiko da rasit domin mu gyara littafinmu. Idan kuma biyan a lokaci ɗaya zai yi nauyi, muna roƙon ku zo ku ga shugaban makaranta kafin wannan rana, mu tsara biya kashi biyu. Maganar za ta tsaya tsakaninmu da ku. Bisa ƙa'idar da kuka sa wa hannu lokacin shigar da ɗaliba, idan ranar ta wuce ba a biya ba, ba a kuma zo an yi magana ba, ɗaliba za ta rubuta jarrabawarta, amma za a riƙe sakamakon har sai an daidaita. Mun gode da amanar da kuka ba mu."

Sai shugaban makaranta ya sa hannu da cikakken sunansa da lambar wayar ofis, a kuma rubuta ranar fitar da takardar, wato 10 ga Nuwamba, mako uku kafin jarrabawa.

Mai karatu zai lura cewa wannan takarda ba ta fi waccan sassauci a kan kuɗi ba. Hasali ma ta fi ta tsauri, domin ta faɗi adadi, ta tsayar da rana da sa'a, ta kuma faɗi abin da zai biyo baya. Wannan yana da muhimmanci, domin wasu makarantun, gudun kada su ɓata wa iyaye rai, sukan faɗa ɗaya ramin: su cika takarda da gaisuwa da addu'a, su ƙare da "a taimaka a duba lamarin idan hali ya yi". Irin wannan ba ladabi ba ne. Uba zai ɗauka babu gaggawa, sai ranar jarrabawa a tare ɗansa a bakin ƙofa, ya ji an yi masa ba-zata. Girmama mutum ya haɗa da faɗa masa gaskiya da wuri, a sarari.

Jimlar nan ta "bisa ga littafinmu" tana da aiki babba. Yanzu iyaye da yawa ta waya ko ta wurin masu POS suke biya, sau da yawa kuma sunan da ke fitowa a asusun makaranta na mai shagon ne ko na wani kawu da ya taimaka. Kuɗi yakan shiga ba a san na wane yaro ba ne. Don haka kafin a fitar da takarda ko ɗaya, akawu ya zauna ya gwada littafinsa da bayanan banki. Bayan haka ma a bar ƙofar cewa kuskuren yana iya zama na makaranta.

Sharaɗin ƙarshe kuwa, kada a rubuta abin da ba ya cikin ƙa'idar da iyaye suka sani tun farko, kada kuma a rubuta abin da ba za a aikata ba. Makarantar da ke cewa "sanarwa ta ƙarshe" sau uku a kowane zango ta koya wa iyaye cewa maganarta ba ta da nauyi. Ni a ganina riƙe sakamako ya fi hana jarrabawa adalci, domin yana kare haƙƙin makaranta ba tare da ya zubar da wahalar yaro ta wata uku ba. Kuɗin rajistar WAEC ko NECO kuwa dabam ne. Hukumomin jarrabawar ne ke tsayar da ranar rufe rajista, makaranta ba ta da ikon ɗaga ta. A rubuta shi a layinsa, da nasa adadin da tasa ranar, kada a cakuɗa shi da kuɗin zango. A makarantun gwamnati kuma, dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma tilas ne, saboda haka duk takardar da ke neman wani kuɗi a can ya wajaba ta bayyana na mene ne, kuma kada ta rataya shi a wuyan jarrabawar yaro.

Kyakkyawar takarda ma tana lalacewa idan aka isar da ita ta mummunar hanya. A sa ta cikin ambulan a liƙe, a rubuta sunan uba ko mariƙi a bayansa. Idan ta waya za a tura, a tura wa mutum shi kaɗai. Zauren WhatsApp na iyaye wurin tunatarwa ce ta gaba ɗaya, kamar ranar jarrabawa da ranar rufe biya. Ba wurin jera sunayen masu ciko ba ne. Haka ma allon sanarwa da taron safe. A kuma tuna cewa ba kowane uba ne ke karanta Turanci ba. Takarda da Hausa, ko kiran waya na minti biyu daga malamin da ya iya gaisuwa, yakan yi abin da takarda uku ba su yi ba.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, tana umurni ne da a rubuta bashi da ajalinsa. Aya ta 280 a surar kuma ta yi umurni da a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Rubutu bayyananne da rangwame ga mai uzuri, tare suka zo.

Makaranta za ta gane ko takardarta ta yi aiki daga irin mutanen da ke shigowa ofis. Idan suna zuwa da tambayar "nawa ne ma?" ko suna zuwa a fusace, takardar ta gaza. Idan suna zuwa da rasit a hannu, ko suna cewa "zan kawo dubu takwas ranar Juma'a, sauran a ƙarshen wata", to saƙo ya isa.

Mu iyaye kuma akwai namu nauyin. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne mutum ya je ya ce bai samu ba tukuna. Abin da ke ɓata zumunci shi ne shiru da kashe waya. Malamin da ke koyar da ɗanka shi ma yana da 'ya'ya da ke jiran albashinsa. Idan takarda ta zo, ka amsa ta da ƙafarka kafin ranar da aka sa, ka yi alkawarin da za ka iya cikawa, ka adana rasit. Ku kuma masu makarantu, kafin ku buga takarda ta gaba, ku karanta ta kamar sunanku ne a bayan ambulan ɗin. Maganar kuɗi ta manya ce. A bar yaro ya shiga ɗakin jarrabawa da biro da kwanciyar hankali.